Lambar saƙon tes ko lambar manhaja: wacce za ka ɗora wa asusunka?

Wanda ya je kunna tsaro mai mataki biyu a asusunsa na Google, Facebook ko Instagram zai tarar da tambaya tana jiran sa: a riƙa turo maka lambar ta saƙon tes, ko za ka yi amfani da manhajar da ke fitar da lamba? Yawancinmu tes muke dannawa, saboda layi yana hannu kuma ba sai an sauke komai ba. A ido duk ɗaya suke, lamba shida ce ta fito ka rubuta ka shiga. Bambancin yana cikin hanyar da lambar take bi kafin ta zo gabanka, da yawan hannayen da ke iya tare ta a hanyar.

Dalilin mataki na biyu shi ne kalmar sirri abu ce da ake iya sacewa ba tare da mai ita ya ji a jikinsa ba. An kwashe ta daga wani shafi da aka fasa, ko an leƙa ta lokacin da kake rubutawa a shagon caji, ko kuma dama lambar wayarka ce ka mayar kalmar sirri. Sai aka ce to, bayan abin da ka sani, nuna mana kuma abin da kake riƙe da shi. Lambar nan mai shida ita ce shaidar cewa wani abu yana hannunka. Saboda haka tambayar gaskiya ita ce: mene ne wannan abin, kuma wa zai iya karɓe shi?

A tsarin tes, abin da ake ɗauka kana riƙe da shi shi ne layinka. Kana rubuta kalmar sirri, kwamfutar kamfanin ta ƙirƙiri lamba ta ajiye kwafinta na 'yan mintuna, ta miƙa wa wani kamfani mai aikin tura saƙonni da yawa, shi kuma ya miƙa wa kamfanin sadarwarka, daga nan a nemo inda sim ɗinka yake a sauke masa. Matsalar ita ce layin ba naka ba ne yadda wayar take taka. Lambar wayarka rubutu ne a rajistar kamfanin sadarwa, wanda ke cewa wannan lambar tana kan wancan sim ɗin. Duk wanda ya iya sa aka sauya wannan rubutun ya gaje saƙonninka, alhali wayarka tana aljihunka.

Wannan shi ne satar layi, kuma ta ƙofar da muka sani take shigowa, wato welkam bak. An buɗe ƙofar ce don wanda wayarsa ta ɓata ya dawo da lambarsa kan sabon sim. Ɗan damfara yana bin ta da bayanan da ya tattara a kanka, ko da takardun jabu, ko da haɗin bakin wani na ciki. Haɗa layi da NIN da aka tilasta a Najeriya tun Disamban 2020 ya ƙara wa wannan aiki wahala, amma har yanzu mutum ne ke zaune a bayan tebur yana yanke hukunci, kuma mutum ana ruɗa shi, ana sayen sa. Abin ba na ƙasa ɗaya ba ne: a watan Agustan 2019 ta wannan hanya aka karɓe layin Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, aka yi ta wallafa abubuwa da sunansa a dandalin da shi ke jagoranta.

Alamarta guda ce, kuma tana da saurin ruɗi. Sabis zai ɗauke a wayarka ƙaf, ba kira ba saƙo, alhali na kusa da kai mai irin layinka yana waya lafiya lau. Mu da muka saba da ɗaukewar sabis sai mu ce zai dawo, mu kwanta. A wannan daren ake gama aikin. Idan ka kashe waya ka kunna, ka sa sim ɗin a wata wayar, har yanzu shiru, kada ka jira gari ya waye kafin ka shiga imel ɗinka ta wata hanya ka sauya kalmar sirri, ka kuma sanar da bankinka.

Ba ma sai an kai ga welkam bak ba. Ɓarawon da ya fizgi waya a cunkoson kasuwa sau da yawa ba ya wahalar da kansa da makullin allo. Zare sim yake yi ya zura a ƙaramar waya mai madannai, shi ke nan duk lambar da aka turo maka gare shi take sauka. Akwai kuma tsohon layin da ka daina sa wa kati: bayan watanni kamfani yana kashe shi ya sake sayar wa wani, kuma idan har yanzu shi ne a asusunka na Facebook, baƙo ne ke karɓar lambobinka. Sai manhajojin da muke ba izinin karanta saƙonni ba tare da mun duba ba. Sai kuma wata ɓaraka da ba ta hannun kowa daga cikinmu: tsohon tsarin da kamfanonin waya ke magana da juna ta cikinsa, mai suna SS7, an gina shi ne a kan yarda, a zamanin da kamfanonin kaɗan ne. A 2017 ɓarayi sun bi ta cikinsa suka karkatar da saƙonnin banki na wasu mutane a Jamus, suka kwashe musu kuɗi. A wannan shekarar ce hukumar NIST ta Amurka, a ƙa'idojinta masu lamba SP 800-63B, ta sa tura lamba ta layin waya a sahun hanyoyin da ake amfani da su bisa taƙaitawa. Wannan ɓaraka ta SS7 ba ita ce za ta fi samun mai shago a Kantin Kwari ba. Zare sim da welkam bak su ne nasa.

Manhaja kuwa wani lissafi take bi daban, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, don da yawa suna zaton ita ma turo mata lambar ake yi ta intanet. Ba a turo mata komai. Ranar da ka kunna tsarin, shafin zai nuna maka hoton nan mai murabba'i, wato QR, ka ɗauka da manhajar. Abin da ke cikin hoton wani dogon mabuɗi ne na sirri, haruffa da lambobi galibi 16 ko 32. Daga wannan lokacin mabuɗin yana wuri biyu: cikin wayarka da kwamfutar kamfanin. Sau ɗaya aka yi wannan musayar, an gama.

Bayan nan kowane ɓangare lissafinsa yake yi shi kaɗai. Ana ƙirga daƙiƙoƙin da suka wuce tun daga farkon ranar 1 ga Janairun 1970, a raba da 30, a jefar da ragowa. Abin da ya fito shi ne lambar zangon da ake ciki. Sai a cakuɗa wannan lambar da mabuɗin sirri ta wani lissafi mai suna HMAC-SHA1, wanda ke tafiya gaba kawai ba ya komawa baya, a yanko wani ɓangare na sakamakon a taƙaita shi zuwa lamba shida. Wayarka ta yi, kwamfutar kamfanin ta yi, idan amsa ta zo ɗaya an yarda mabuɗin yana hannunka. Sunan tsarin TOTP, an wallafa ƙa'idarsa a 2011 a takardar RFC 6238, kuma a buɗe take ga kowa. Shi ya sa Google Authenticator, Microsoft Authenticator, Aegis da 2FAS duk amsa ɗaya za su ba ka idan mabuɗin ɗaya ne.

Ga misali da za a iya gwadawa, daga mabuɗin gwaji da ke cikin takardar kanta. Idan aka rubuta shi yadda manhajoji ke karɓa, ga shi:

```
GEZDGNBVGY3TQOJQGEZDGNBVGY3TQOJQ
```

A ɗauki daƙiƙa ta 1111111109, wadda ta faɗo ranar 18 ga Maris 2005 da ƙarfe 1:58:29 na dare agogon GMT. A raba da 30, a jefar da ragowa, a sami 37037036. Da wannan mabuɗin, lambar da za ta fito ita ce 081804. Daƙiƙa biyu kacal bayan haka, a 1111111111, rabon ya koma 37037037, lambar kuma ta zama 050471. Zangon ya motsa da ɗaya tak, amma babu wata kama tsakanin amsoshin biyu da za ta sa wanda ya ga ta farko ya hasaso ta biyu. Ko ya tara lambobinka na shekara guda, ba zai iya komawa baya ya gano mabuɗin ba. Mai kwamfuta da ya girka oathtool zai iya tabbatarwa da kansa:

```
oathtool --totp -b -N "2005-03-18 01:58:29 UTC" GEZDGNBVGY3TQOJQGEZDGNBVGY3TQOJQ
```

Yanzu a koma kan hanyoyin satar da aka lissafa. Wanda ya yi welkam bak da layinka bai sami komai ba, don mabuɗin ba ya kan layi. Wanda ya zare sim bai sami komai ba. Tsohon layin da aka sayar wa wani, SS7, ma'aikacin da aka saya, duk sun fita daga lissafi, tunda babu saƙon da ke tafiya balle a tare shi. Ɓarawo sai ya mallaki wayar kanta kuma ya buɗe makullinta, ko ya cusa mata muguwar manhaja da za ta riƙa leƙen allo. Wannan ma yana faruwa, amma ya fi zare sim wuya nesa ba kusa ba.

Akwai kuma ribar da ba ta shafi ɓarayi ba. Manhajar ba ta buƙatar sabis ko data, agogo kawai take kallo. Ɗan kasuwar da ya tsallaka daga Jibiya zuwa Maraɗi layinsa ya yi shiru, ko alhajin da ya sauka Madina ya sa sabon layi ya kama intanet ɗin masauki, duk sun san zaman jiran saƙon da ba zai zo ba. Har a gida ma, wa bai taɓa danna a sake turowa sau uku ba, sannan saƙonnin su faɗo tare bayan duk sun lalace? Mai manhaja ba shi da wannan.

To amma nauyin da aka sauke daga kan kamfanin sadarwa, a kanka aka ɗora shi, kuma nan ne tes ya fi ta sauƙi. Idan wayarka ta faɗa ruwa, layi ana dawo da shi gobe. Mabuɗin da ke cikin manhaja kuwa babu ofishin da za ka je da katin shaida a ba ka. Haka in mai gyara ya yi wa wayar filashin, ko ka sayar da ita a Farm Centre ka manta ba ka kwashe ba. Mutane da yawa da suka rasa asusu ta wannan hanyar ba ɓarawo ne ya kore su ba, da hannunsu suka kulle kansu a waje. Saboda haka ni a ganina kunna manhaja ba tare da tanadin ranar ɓatan waya ba ya fi zama kan tes haɗari.

Tanadin ba shi da wuya. Yawancin manyan shafuka suna ba da lambobin ko-ta-kwana ranar da ka kunna. Google guda goma yake bayarwa masu lamba takwas-takwas, kowace sau ɗaya take aiki. A rubuta su da biro a ajiye inda ake ajiye takardar fili, ba a ɗauki hotonsu a bari a cikin wayar da ake tsoron ɓatanta ba. Na biyu, lokacin da QR yake kan allo, ana iya ɗaukarsa da waya biyu, taka da wata tsohuwa da ke zaune a durowa, duka za su riƙa fitar da lamba ɗaya. Ko ka danna inda aka ce ba ka iya ɗaukar hoton ba, mabuɗin ya fito a rubuce ka kwafe a takarda. Ka tuna dai wannan takardar daidai take da manhajar: wanda ya same ta zai iya fitar da lambobinka har abada, sai in ka soke ka sake sabon mabuɗi.

Hanya ta uku ita ce ajiya a intanet. Tun Afrilun 2023 Google Authenticator yana iya adana mabuɗanka a asusunka na Google, ka shiga a sabuwar waya su dawo. Ga yawancin mutane wannan sauƙi ne na gaske, kuma ba zan hana ba. Sai dai a san abin da aka saya: yanzu asusun Google ɗin ya zama uwar makullai, wanda ya shige shi ya kwashi duka. Kuma a kula da wani tarko mai ban dariya, kada lambar shiga Google ɗin kanta ta zama tana cikin ajiyar da sai ka shiga Google za ka buɗe. Lambobin takarda su ne maganin wannan. Wanda ba ya son jingina da kamfani, Aegis a wayoyin Android tana ba shi damar fitar da ajiya a kulle da kalmar sirri ya adana inda ya so.

Ƙaramar matsala da ke yawan tayar da hankali ita ce ta agogo. Ka rubuta lamba daidai, a ce ba daidai ba, ka sake, a sake ƙi. Kusan kullum agogon wayar ne ya kauce. Shafuka sukan yi haƙuri da saɓanin zango ɗaya, wato kusan rabin minti, amma mai sa agogonsa gaba da minti biyar don kada ya makara sallah ko aiki, lambobin da bai kai lokacinsu ba yake fitarwa. Gyaran shi ne a shiga saitin kwanan wata da lokaci a bar wayar ta riƙa saita kanta. Bambancin agogon ƙasashe ba ya shiga ciki. Ko kana Kumasi ko Yamai ko Khartoum, da agogon duniya ɗaya ake lissafin.

Akwai kuma inda su biyun suke faɗuwa tare, kuma duk wanda ya ce maka manhaja ta rufe kowace ƙofa bai gaya maka gaskiya ba. A ce wata mai sayar da atamfa da leshi a Instagram ta sami saƙo cewa za a rufe shafinta cikin awa ashirin da huɗu saboda ƙorafi, ta danna nan ta ɗaukaka ƙara. Ta danna, shafi ya buɗe sak na gaske. Ta rubuta kalmar sirri, nan take ɗan damfara ya zuba ta a shafin gaskiya. Shafin gaskiya ya nemi lamba, na jabu ma ya nema. Ta buɗe manhaja ta kwafo, shi kuma ya shigar kafin daƙiƙa talatin su cika. Ya shiga, ya sauya imel, ya cire manhajarta ya sa tasa, ya fara karɓar kuɗin kwastomominta. Lissafin bai yi kuskure ko ɗaya ba. Lamba shida ba ta san a wane shafi ake rubuta ta ba. Haka yake da mai kira ya ce daga banki ne, ko daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, karanto mana lambar da ta shigo yanzu don a sa ka a taro. Abin da ke toshe wannan ƙofar shi ne passkey, wato mabuɗin shiga da ke zaune a wayarka wanda kake buɗewa da makullin allo, ko 'yar na'urar tsaro ta hannu irin YubiKey, don su suna duba adireshin shafin da kansu, in ba na gaskiya ba ne ba sa amsawa. Inda shafi ya ba da passkey kuma wayarka tana ɗauka, ya fi su biyun.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya je ya kashe tes ya zauna da kalmar sirri tsura. Binciken da Google ya fitar a 2019 ya nuna lambar tes ta tare duk hare-haren injina masu gwada kalmomin sirri da aka sata, ta tare kashi 96 cikin ɗari na damfarar da ake watsawa ga jama'a, amma ta sauko zuwa kashi 76 idan mutum ɗaya aka sa wa ido. Wato tes yana korar ɓarawon da ke bin gida-gida yana taɓa ƙofa. Wanda ya zo takanas dominka ne yake iya tsallake shi. Ga dattijon da ƙaramar waya gare shi, ko wanda ba zai iya riƙe takardar ko-ta-kwana ba, tes ne daidai da shi.

Wasu wuraren ma ba su ba ka zaɓi ba. Bankuna da yawa ta tes suke turo OTP, sai dai wanda ya nemi tokin, ɗan abin nan mai fitar da lamba, wanda shi ma irin wannan lissafin yake yi a cikinsa. A nan kare layin shi ne aikin. Sa wa sim ɗinka PIN a saitin tsaro na waya, ta yadda in an zare shi aka sa a wata wayar sai ya nemi lamba. Kuskure uku yana kulle shi sai da PUK, wadda ke jikin katin da sim ya zo a ciki, don haka nemo katin kafin ka fara. Ka kuma hana saƙonni bayyana a allo yayin da waya take kulle. WhatsApp shi ma ba ya karɓar waɗannan manhajoji: da tes yake rajista, kariyarsa ta biyu PIN ce mai lamba shida da kai za ka zaɓa a Settings, Account, Two-step verification. Wanda bai sa ta ba, lamba ɗaya da ya karanta wa baƙo ta isa a raba shi da asusunsa a shiga roƙon kuɗi da sunansa.

Ga mai babbar waya kuwa, shawarata manhaja, kuma a fara da imel, don ta nan ake sake kalmar sirrin kusan komai. Sai shafin da kake kasuwanci da shi, sai duk inda kuɗi ke kwana. A Google ana shiga Security, sannan 2-Step Verification, sannan Authenticator. A Facebook da Instagram yana ƙarƙashin Password and security. Ka ɗauki QR, ka rubuta lambar farko don tabbatarwa, ka kwafe lambobin ko-ta-kwana, sannan ka fita ka sake shiga don ka ga yana aiki tun hankalinka yana kwance.

Saura mataki ɗaya da kusan kowa ke tsallakewa. Bayan ka kunna manhaja, yawancin shafuka suna barin tes a matsayin madadi, kuma a shafin shiga akwai ɗan rubutun da ke cewa a gwada wata hanya. Wanda ya saci layinka ba zai tsaya kokawa da manhajarka ba, wannan rubutun zai danna a turo masa tes. Don haka da zarar lambobin takarda sun shiga durowa kuma ka gwada ɗaya ta yi aiki, koma cikin saitin ka cire tes daga hanyoyin mataki na biyu, sannan ka duba ɓangaren dawo da asusu ka ga wace lambar waya ce a wurin, kuma ko har yanzu sim ɗinta yana hannunka.